Ka daki motar da ke tsaye, kuma kana neman wanda za ka ɗora wa laifi?

Abin da ke faruwa a titunan Jos ya isa haka. Mutum ya ajiye motarsa a gefen Titin Bauchi ko Ahmadu Bello Way, ya kashe inji, ya shiga shago. Wani ya taho da gudu ya dake ta ta baya, ya rotsa bamba da fitila, but ya ƙi rufuwa. Maimakon ya fito ya ce ya yi kuskure, sai ya fito da ihu: "Wa ya ce ka yi fakin a nan?" Kafin ka ce kwabo jama'a sun taru, kuma wanda aka yi wa ɓarna shi ake ta cewa, "Alhaji, a yi haƙuri, tsautsayi ne." Wallahi wannan zalunci ne, kuma rashin sanin ƙa'idar hanya ne ya ɗaure masa gindi.

Dalilin da ya sa 'yan sandan kula da zirga-zirga, da kamfanin inshora, da kotu suke fara kama wanda ya yi dukan ba wani ɓoyayyen abu ba ne. A cikin motocin biyu, ɗaya ce ke motsi. Sitiyari da birki da totur suna hannun mutum ɗaya. Ƙa'idar tuƙi ta ɗora wa direba ya riƙa tafiya da gudun da zai iya tsayawa a cikin tazarar da idonsa ke gani. Idan motar da ke tsaye ta zame maka ba-zata, to ko dai ba ka kallon gabanka, ko gudunka ya fi ƙarfin abin da kake iya gani, ko motarka ba ta da lafiyar hawa titi. Duk ukun a wuyanka suke.

A lissafa abin a gani. Iyakar gudu a cikin gari kilomita 50 ne a sa'a. A wannan gudun mota tana cin kusan mita 14 a kowace daƙiƙa. Direban da hankalinsa ke kan hanya yana buƙatar kamar daƙiƙa ɗaya daga ganin abu zuwa taka birki, mita 14 sun tafi ke nan. Birki mai kyau a busasshiyar kwalta zai ci wasu mita 13 zuwa 15 kafin tayoyi su tsaya. Jimilla kusan mita 28. To, mota sukutum da ke tsaye a miƙaƙƙen titi da rana, ana hango ta daga nisan da ya ninka wannan sau da yawa. Yanzu a ce direban ya sunkuya ya duba waya na daƙiƙa 2 kacal. A cikin waɗannan daƙiƙu ya yi tafiyar mita 28 ido a rufe, wato duk tazarar da zai tsaya a cikinta ya ƙone ta a kan allon waya. Sai ya ɗago ya ga but ɗin mutane a gabansa. Ta yaya wanda ke cikin shago yana sayen omo zai ɗauki alhakin wannan?

Kuma gudu ba ya ƙaruwa da adalci. Idan ka ninka shi zuwa 100, tazarar birki ba ninki biyu take yi ba, ninki huɗu take yi, ta haura mita 50, ban da ta tunani. Ga Jos da gangara, ga ruwan damina da ke mayar da kwalta santsi. Masu cewa "ruwa ne ya ja ni" su sani cewa hujjar kansu take komawa: ka ga ruwan, me ya hana ka rage gudu?

Sai uzurin da ya fi ƙona rai: "Birki ne ya tsinke." Da wuya birki ya mutu bai ba da sanarwa ba. Feda takan fara laushi tana nutsewa, man birki yana raguwa a tulunsa, ana jin ƙarar ƙarfe na gugar ƙarfe idan fad ya cinye. Direba ya ga duk wannan ya ce sai ƙarshen wata zai je wajen bakanike. Idan jami'an VIO masu binciken lafiyar motoci suka duba motar suka tarar da haka, ba su wanke shi ba, wani laifin suka ƙara masa, na fito da mota marar lafiya kan titi.

To, idan fakin ɗin ba daidai ba ne fa? A nan mutane ke cakuɗa abu biyu. Ajiye mota a inda aka hana laifi ne, yana da tararsa, ana iya jan motar. Amma wannan tsakanin mai motar ne da hukuma, ba lasisi ba ne a gare ka ka dake ta. Inda fakin ke rage wa direba nauyi shi ne inda motar ta zama tarko: tirela ta lalace da dare a bayan kwana, babu fitila, babu tef mai ƙyalli, babu jan alwatika na gargaɗi, sai 'yan ganye da aka watsa a ƙasa. A irin wannan, kotu tana iya raba laifin. Misali, idan gyara ya kama naira 400,000 kuma aka ce kashi 30 cikin 100 na laifin na mai fakin ne, wanda ya yi dukan zai biya 280,000. Ragi ne, ba yafiya ba. Haka kuma idan motar da ke tsaye ce ta gangaro baya don ba a ja birkin hannu ba, ko wata mota ce ta turo ka daga baya ka faɗa kanta, magana ta canza. Amma sai ka kawo shaida, domin tun farko zato a kanka yake.

Shi ya sa gaggawar janye motoci take cutar mai gaskiya. Kafin a motsa komai, a ɗauki hoton inda tayoyin motar da ke tsaye suke da nisansu daga bakin titi, da inda gilashin fitila ya zube, da lambar motar da ta yi dukan, da sawun birki idan akwai. 'Yan sanda su zo su auna su zana. Da zarar an ture motocin gefe, labari ya zama bakinka da bakinsa.

Sannan kada a yarda da "zan sauya maka bamba" a tsaye a bakin titi. Bamban roba yakan lotse ya dawo kamar ba a taɓa shi ba, alhali ƙarfen da ke bayansa ya lanƙwashe. A buɗe but, a ɗaga shimfiɗa, a duba ramin safaya ko ya tattare. A duba ko tazarar murfin but da jikin mota ta zama ɗaya hagu da dama, da ko ƙofofin baya suna rufuwa ba sai an buga ba. Motar da aka bari a giyar P kuma ta sha duka mai ƙarfi, a sa a duba giyarta ma.

Abin takaicin ƙarshe shi ne inshora. Tun Janairun 2023 inshorar ɓarnar wani ta motar gida naira 15,000 ce a shekara, kuma tana biyan ɓarnar dukiya har naira miliyan 3. An yi ta ne daidai don irin wannan rana. Amma sai ka ce a kawo takarda, a miƙo maka ta bogi da aka saya don wuce shingen 'yan sanda, babu kamfanin da ya san da ita. Daga nan sai roƙo, sai a turo dattawan unguwa, sai "zan riƙa biya kaɗan-kaɗan", mai mota kuwa yana hawa keke mako uku motarsa na gareji. Ba wanda ya hana sulhu, amma a rubuta shi: kuɗin gyara nawa bayan bakanike da mai fenti sun duba, ranar biya yaushe, shaidu biyu su sa hannu, kuma a yi shi a gaban ɗan sandan da ya auna wurin.