Masaukin shafi: tallar «Unlimited» ta fi na kyauta ɓoye iyaka

Tun bayan Sallah nake ganin wata talla tana yawo a zaurukan WhatsApp na ɗalibai daga Samaru har Kongo a Zariya, wadda ke cewa duk mai rubutu a shafin kyauta wasa yake yi, kuma wanda ya san ciwon kansa sai ya sayi masauki, wato wurin da kamfani ke ajiye maka shafinka a intanet, mai lakabin «Unlimited», ma'ana marar iyaka. Masu yaɗa ta galibi dillalai ne da ake ba su la'ada a kan kowane mutum da suka kawo, kuma waɗanda suke farauta su ne matasan da suka buɗe shafi don sha'awa kawai: mai rubuta waƙoƙi, mai tara tarihin unguwannin Birni, mai ɗaukar hotunan dawaki. Abin da ya ɓata mini rai shi ne an mayar da tambayar ta koma tsakanin kyauta da biya, alhali kowanne daga cikinsu yana da iyaka, kuma wanda ake biya ɗin ne ya fi ƙwarewa wajen ɓoye tasa.

Masaukin kyauta, duk da aibinsa, yana faɗin iyakarsa a fili. Tsarin kyauta na WordPress.com yana ba da wurin ajiya gigabait 1, yana liƙa tallarsa a shafinka, ba ya barinka ka girka ƙarin manhajojin da kake so, kuma adireshinka zai ƙare da wordpress.com. Sabis ɗin GitHub Pages yana karɓar shafin da bai wuce gigabait 1 ba, da zirga-zirgar kusan gigabait 100 a wata, sai dai ba ya gudanar da manhaja irin WordPress. Duk wannan a rubuce yake, kuma mai hankali zai iya lissafi da shi. Hoton da waya ta ɗauka yakan kai megabait 4, don haka gigabait 1 zai cika da hotuna kusan 250. Idan aka rage kowane hoto zuwa kilobait 200 kafin a ɗora shi, wanda ya wadatar ga mai kallo a waya, wurin nan zai ɗauki kusan 5,000. Yawancin masu kukan wuri ya cika musu ba kuɗi ne matsalarsu ba, rashin rage nauyin hoto ne.

Masaukin kuɗi mai araha kuwa gidan haya ne: na'ura ɗaya ce aka raba wa ɗaruruwan shafuka, kuma ba zai yiwu a bar ɗan haya guda ya shanye ruwan gida ba. Saboda haka kalmar «Unlimited» tana tsayawa a kan allon talla, iyakokin gaskiya kuma suna kwance cikin sharuɗɗan da ba kowa ke karantawa ba. Ɗaya daga cikinsu ita ce yawan fayiloli, wadda za ka gani a cPanel, allon da kake sarrafa masaukinka da shi, da sunan «inodes». Ba nauyin fayil take ƙirgawa ba, adadinsu take ƙirgawa, kuma WordPress yana yanka kowane hoto da ka ɗora zuwa girma daban-daban, ta yadda hoto ɗaya zai iya zama fayil biyar ko fiye, ga saƙonnin imel da tarkacen wucin gadi su ma duk ana lissafa su. Ta biyu, wadda ta fi cizo, ita ce «Entry Processes», wato adadin buƙatun da na'urar za ta yarda ta sarrafa wa shafinka a lokaci guda, kuma a ƙananan tsare-tsare yakan tsaya a wajen 20.

Na ga aikin wannan iyaka da idona a kan ɗan yayata. Yaron ya kwashe shekara biyu yana ɗora hotunan Hawan Sallah na Zazzau a shafin kyauta lafiya lau, har wani dillali ya shawo kansa ya koma wani kamfani da ba zan ambaci sunansa ba. Ranar hawa ya ɗora hotuna 30 daga ƙofar fada ba tare da ya rage su ba, wato shafi ɗaya mai nauyin megabait 120, sannan ya tura adireshin zuwa zauruka. Mutane suka danna kusan a tare, kuma abin da yawancinsu suka gani shi ne wannan rubutu:

```
508 Resource Limit Is Reached
```

Ya kira ni hankali a tashe yana cewa, «Kawu, sun ce babu iyaka, ga shi ranar da na fi buƙatar shafin ce ya mutu.» Muka buɗe sashen «Resource Usage» muka ga yadda layin ya dinga bugun rufi daga la'asar har bayan isha'i. Amsar kamfanin ita ce ya hau tsari na gaba. Da shekara ta zagayo kuma sai kuɗin sabuntawa ya zo kusan ninki uku na abin da ya biya da farko, domin farashin da aka nuna masa rangwamen shiga ne, kuma da dala ake lissafinsa. Duk wanda ya ga abin da ya sami naira tun daga Yunin 2023 ya san ma'anar wannan ga ɗalibi. Wannan fa zalunci ne da aka lulluɓe da ƙananan haruffa, kuma dillalan da ke karɓar la'ada sun san da shi sarai.

Masu kare masaukin kuɗi za su ce na kyauta yana iya rufewa dare ɗaya, su kawo misalin GeoCities da Yahoo ya kashe a 2009 ko 000webhost da aka rufe a 2024, kamar dai kamfanin da kake biya ba ya goge shafinka idan katinka ya ƙi wucewa na 'yan makonni.

Abin da ke raba mai shafi da ɗan haya ba kuɗin masauki ba ne, mallakar suna ce. Idan adireshinka ya ƙare da blogspot.com ko wordpress.com, ranar da ka tashi ka bar duk mahaɗan da mutane suka adana da duk matsayin da ka samu a Google. Idan kuwa ka yi rajistar sunanka, misali mai ƙarewa da .com.ng wanda ke ƙarƙashin kulawar NiRA, hukumar rajistar sunayen intanet na Nijeriya, kuma ana biyansa da naira, sai ka nuna shi duk inda ka ga dama, masu karatu ba za su ma san ka sauya gida ba. Blogger yana barin a haɗa irin wannan suna ba tare da ƙarin caji ba, amma WordPress.com sai ka hau tsarin kuɗi kafin ya yarda, kuma wannan bambanci kaɗai ya isa ya yanke wa mai ƙaramin ƙarfi hukunci. A kula kuma da «sunan kyauta» da kamfanonin masauki ke haɗawa da tsarinsu: na shekara ɗaya ne, kuma wani lokaci dillali yakan yi rajistarsa da imel ɗinsa, sai ya zama shi ne mai shi a hukumance.

Shawarata ga mai shafin sha'awa ita ce ya zauna a na kyauta, ya kashe ɗan abin da yake da shi a kan suna, ya rage hotunansa, kuma ya riƙa sauke kwafi lokaci-lokaci. Ya sani kuma cewa fayil ɗin da «Export» na WordPress ke bayarwa rubutu ne da adireshin hotuna, hotunan kansu sai an sauke su daban. Ɗan yayata ya koma Blogger da sunansa na kansa kafin Babbar Sallah, amma hotuna 40 na hawan bara, waɗanda ya goge daga wayarsa bisa zaton suna ajiye a kamfanin, ba mu same su ba.