Ƙara "Global" ba ya mayar da sunan wani ya zama naka

Tun da hukumar rajistar kamfanoni ta CAC ta umarci masu sana'ar POS da su yi rajista a 2024, ƙorafi ɗaya ake ta nanatawa: wai an ƙi sunan da mutum ya zaɓa ba gaira ba dalili. Abin da ya fi ɓata min rai shi ne shawarar da wasu dillalan rajista ke bayarwa, wai ka liƙa "Global" ko "Ventures" a ƙarshe, ko ka sauya harafi ɗaya, sunan zai wuce. Wannan cutar mai kasuwanci ce.

Sashe na 852 na dokar kamfanoni ta 2020 ya hana sunan da ya yi daidai da na wanda ya riga ka rajista, ya kuma hana wanda ya yi kama da shi har zai iya ruɗar da jama'a. Ma'aunin shi ne kunnen mai saye da idonsa. A ɗauka akwai mai sayar da shinkafa da ya yi rajista da sunan Alheri, kai ma mai shinkafa ka zo da Alkhairi. A takarda haruffan sun bambanta, amma ɗan aiken da aka tura kasuwa da baki ba zai rarrabe ba. Kuɗin wani sai ya faɗa asusun wani, in kaya suka zo da tsakuwa kuma a zagi wanda bai ji ba bai gani ba.

An yi irin wannan shari'a tun 1961. Kamfanin magani na Niger Chemists ya kai ƙarar wasu da suka buɗe shago a Onitsha da sunan Nigeria Chemists. Haruffa biyu ne tsakaninsu, sana'a ɗaya, gari ɗaya, kuma kotu ta hana na biyun amfani da sunan. Masu cewa kasuwa tana da faɗi, kowa ya sa sunan da ya ga dama, ba su taɓa biyan bashin da wani ya ci da sunansu ba.

Haka batun kalmomi irin su "Federal", "National" da "State". Sai da izinin hukuma ake sa su, domin talaka na ganin su a allon shago zai ɗauka gwamnati ce ta tsaya wa kamfanin.

Ko dabarar dillali ta ci, ba ka tsira ba. Idan aka yi maka rajista bisa kuskure, hukuma na da wata shida ta umarce ka da sauya suna, kai kuma mako shida kake da shi. A lokacin ka riga ka buga rasit, ka yi hatimi, ka buɗe asusun banki, duk sai an sake.

Ka duba rumbun sunaye na CAC tukuna, ka nemi a keɓe maka sunan na kwana 60, kada ka biya mai zanen allo sai takardar shaida ta fito. Ya kamata hukumar kuma ta riƙa faɗin sunan da naka ya ci karo da shi duk lokacin da ta ƙi.