Imparfait ko passé composé a Faransanci: ba tsawon lokaci ake dubawa ba

"An ce mana imparfait na abin da ya daɗe ne, passé composé na abin da ya faru nan take. Haka ne?"

A'a, kuma wannan ƙa'idar tana yawan kayar da ɗalibai. Dukansu biyun sigogin aikatau ne na lokacin da ya wuce; abin dubawa shi ne ko an yi wa aikin iyaka. "Il a vécu dix ans à Zinder", wato ya zauna shekara goma a Zinder: shekara 10 ba kaɗan ba ce, amma an ƙidaya ta, an rufe, shi ya sa aka sa passé composé. Wanda ya rubuta "il vivait", wato yana zaune, ya bar ƙofa a buɗe, mai karatu na jiran abin da zai auku ana cikin zaman.

Hausarmu ma na taimakawa: "ina barci sai waya ta yi ƙara" shi ne "je dormais quand le téléphone a sonné". Inda za ka ce "ina" ko "nakan" a labarin da ya wuce, galibi imparfait ne. Abin da ya biyo bayan "sai" a irin wannan jimlar, passé composé.