Samarin Damagaram, ku daina auna damina da jimillar ruwa kawai

'Yan'uwa samari, masu cewa ai ruwa ya dawo tun bayan farin 1973 da 1984, don haka batun ɗumamar yanayi surutu ne, ku tsaya ku duba yadda yake sauka.

Rana tana gasa ƙasa, ƙasa kuma ta mayar da zafin sama. Iskar kabon da tururin ruwa suna tare wani kaso na zafin, kamar bargo. Kafin zamanin masana'antu kabon bai wuce kashi 280 cikin miliyan na iska ba. Yau ya haura 420, saboda ƙona gawayin ƙasa, man fetur da gas. Duniya ta ƙara zafi fiye da digiri 1, kuma kowane digiri yana sa iska ta riƙe ƙarin tururi kusan kashi 7 cikin ɗari. Hadari sai ya zo da nauyi, ya juye a lokaci guda. Hotunan tauraron ɗan'adam sun nuna cewa manyan hadura a Sahel sun ninka uku tun 1982. Ba kowane ruwa za a ɗora wa ɗumama ba, amma lissafin shekaru ya nuna inda aka dosa.

Damagaram tana samun wajen milimita 400 a shekara. A ce 60 sun sauka dare ɗaya. Milimita ɗaya lita ɗaya ce a kan murabba'in mita, saboda haka soro mai mita 10 tsawo, 10 faɗi, ya karɓi lita 6,000, wato duro 30. Idan indararo ya toshe, ruwan ya kwanta a kan rufin; idan gajere ne, ya zuba a gindin katanga ya jiƙa ta. Ginin ƙasa daga gindi yake ci: za ku ga damshi yana hawa, yaɓe yana ɓanɓarewa, tsaga ta biyo. Kun dai ga yadda tsohon masallacin unguwar Birni ya rushe bayan ruwa mai ƙarfi a Satumban 2024. Ku share indararo ku yi yaɓe tun bazara, ku janye ruwa nesa da bango.

A gona kuma, irin wannan ruwa gudu yake yi a kan fako bai shiga ba. Ku kafa gwangwani mai miƙaƙƙen baki a fili, nesa da itace, ku auna zurfin ruwan da rula kowace safiya, ku rubuta kwanan wata. Ku ƙirga har da kwanakin da ba a yi ruwa ba, don tsawon tsayawar ruwa bayan shuka shi ke kashe tsiron hatsi, ko da jimillar shekara ta cika.

Teku ma ya tashi kimanin santimita 20 tun 1900, domin ruwa yana kumbura idan ya ɗumama, ƙanƙarar kan tudu kuma tana narkewa ta kwarara cikinsa. Yanzu yana ƙaruwa da wajen milimita 4 a shekara. Ba mu da gaɓa, amma shinkafa da kayan da ke cika kasuwar Dole ta tashoshin jiragen ruwa irin na Lome suke sauka.