Ba sabis ba ne, ba filashin ba ne, APN ne

To an dai yi wa wayar wata Hajiya ta Unguwar Rogo a Jos filashin, an karɓi dubu biyar, hotunan jikokinta na shekara uku sun tafi, kuma har yanzu data ba ta hau ba. Madalla da injiniya. Da aka wallafa labarin, sai ga mutane a ƙasansa suna ta tsine wa kamfanin layi, wai ai haka suke, sun cinye kuɗin baiwar Allah. Ku dakata da tsinuwar tukuna. A wannan karon ba kamfani ba ne, ba ma wayar ba ce. Layi ɗaya ne na rubutu a cikin saitin waya, wanda gyaransa bai kai minti biyu ba, kuma ko kwabo ba a biya. Sunansa APN.

Ku dubi yadda abin ya faru. Lambar Hajiya da 0803 ta fara, amma ta yi ƙaura da ita zuwa Airtel, an ba ta sabon sim. Tun 2013 ake wannan ƙaurar a Najeriya, mutum ya bar kamfani ya tafi da lambarsa. Wayarta kuwa irin 'yar gwanjon nan ce da aka kawo daga waje, ba ta san kamfanonin Najeriya ba, don haka da aka sa sabon sim ɗin, wurin APN ya fito fayau babu komai. Aka kai wa mai gyara a Taminus. Ya kalli lamba, ya ga 0803, ya ce, "Hajiya ai MTN ne," ya rubuta APN ɗin MTN a kan sim ɗin Airtel. Bai yi ba. Sai ya ce ai sofwaya ce ta lalace, sai filashin. Shi kuma filashin share wayar ya yi ya mayar da ita yadda ta zo daga waje, wato ba ta san Airtel ba kamar da. An goge hotuna, an dawo gidan jiya.

Abin da mutane suka kasa ganewa shi ne kira da data ba ƙofa ɗaya suke bi ba. Idan ka sa sim, waya tana gaisawa da turken sabis, ta yi rajista, sandunan sabis su cika. Da wannan kaɗai za ka yi kira, ka tura saƙo, ka danna *310# ka ga kuɗinka yana nan daram. Amma idan za ta shiga intanet, sai ta faɗa wa kamfanin sunan ƙofar da take so a buɗe mata, kuma wannan sunan shi ne APN. Kamar ka je tashar Bauchi Road da kuɗin motarka a hannu, ka ce a kai ka garin da babu motarsa a tashar. Kuɗinka yana da kyau, tasha a buɗe take, direbobi na nan, amma ba inda za ka. Shi ya sa "ai da kuɗi a layin" ba hujja ba ce. Kuɗin ba shi ne yake neman hanya ba.

Wani zai ce shi sau goma yana canza sim bai taɓa taɓa wani APN ba. Gaskiyarka. Yawancin wayoyin da aka yi don kasuwarmu, su Tecno da Infinix da itel da Samsung na nan gida, suna zuwa da jerin kamfanoni a cikinsu. Waya tana karanta lambobi biyu daga sim: na ƙasa, wanda na Najeriya 621 ne, da na kamfani, wato 30 na MTN, 20 na Airtel, 50 na Glo, 60 na 9mobile da ya koma T2 a 2025. Da ta gani sai ta ɗauko saitin da ya dace da kanta. Wani lokacin ma ko ka rubuta ba daidai ba, kamfanin yakan kau da kai ya tura ka ƙofarsa ta kullum. To don taka ta yi sa'a ba shi ke nuna ta kowa za ta yi ba. Wayar da aka kawo daga waje, da wadda wani ya taɓa cusa wa saitin hannu, da ƙaramar na'urar wayfay da aka buɗe don ta ɗauki kowane layi, duk nan ne abin yake cije wa.

Kuma ana gane shi ba sai an je wajen kowa ba. Kira yana shiga yana fita, saƙo yana tafiya, ka kunna data, amma ƙaramar alamar nan ta 4G ko H+ ko E ba ta fito kusa da sandunan sabis ba. Ko ta fito amma shafi ya ƙi buɗewa ko'ina ka je, daga Rikkos har Bukuru. Matsalar sabis takan bi wuri da lokaci, nan ta yi can ta ƙi, da safe ta yi da yamma ta yi nauyi. Ta APN kuwa tana nan yadda take dare da rana, kuma ta fara ne daidai ranar da aka canza sim. In kana son tabbaci, cire sim ɗin ka sa a wayar wani. Idan ya hau a can, to layin lafiyarsa ƙalau, ka bar zagin kamfani ka koma kan wayarka.

Kafin ka shiga saitin, abu biyu ne za ka fara kawarwa, don kada a ce mun ɗora wa APN laifin da ba nasa ba. Danna *323# ka ga ko da gaske akwai data. Kuɗin kira daban, data daban, kuma ba kowane layi ne zai riƙa cin kuɗin kira don burauzin ba sai ka amince masa. In babu, *312# ne wurin saye. Sannan in wayar mai sim biyu ce, duba wanne aka zaɓa na data, don sau da yawa idan an zare sim an sa wani, waya takan koma ɗaya layin da ba shi da ko megabayit ɗaya.

In waɗannan lafiya, sai ka shiga Settings. A Tecno da Infinix ka nemi wurin saitin sim, ka taɓa sunan layin, za ka ga Access Point Names. A Samsung kuwa Connections ne, sai Mobile networks, sai Access Point Names. Abu na farko, taɓa ɗigo ukun nan na sama ka zaɓi Reset to default. Wannan kaɗai yana warkar da da yawa, don yana share abin da aka cusa da hannu ya dawo da na asali, ba tare da ya taɓa hoto ko lamba ɗaya ba. Ku sake karanta wannan jimlar, masu filashin.

Idan bayan haka wurin ya zauna fayau, irin na Hajiya, sai ka danna alamar ƙari ko Add ka rubuta da kanka. Name duk abin da ka ga dama ka sa, ko sunan kakarka ne. Wurin da aka rubuta APN shi ne mai magana:

```
MTN      web.gprs.mtnnigeria.net
Airtel   internet.ng.airtel.com
Glo      gloflat
9mobile  9mobile
```

Ƙananan baƙaƙe, babu tazara. Ka lura da kyau, allon rubutu yana son ƙara tazara bayan ɗigo, ko ya mayar da harafin farko babba, ko ya "gyara" maka kalmar zuwa wata, kuma ɗigo ɗaya in ya ɓata an tashi a tutar babu. A Glo akan sa flat a Username da Password. A APN type ka rubuta wannan:

```
default,supl
```

In ka sa mms kaɗai a nan, waya za ta ɗauka ƙofar saƙon hoto ce, ba za ta bi da intanet ta ciki ba. MCC da MNC, wato lambar ƙasa da ta kamfanin nan, kada ka taɓa su, daga sim suke zuwa. Idan ka canza su ka adana, saitin zai ɓace daga jerin, ka yi ta mamaki, alhali waya ta ajiye shi ne ga wani kamfanin da ba ya cikinta. Kuma dubawa ɗaya a MNC ya isa ya nuna wa mai gyaran can cewa 20 ne a rubuce ba 30 ba, wato Airtel ne komai 0803 ɗin da ke gaban lambar.

Sai wurin da mutane suka fi faɗuwa: a rubuta komai daidai, a danna baya a fita. Ba a adana ba. Sai ka taɓa ɗigo uku ka danna Save, ka dawo jerin, ka taɓa ɗan da'irar da ke gefen sabon saitin har ya cika, don a kan wanda aka zaɓa waya take aiki, ba wanda aka rubuta kawai ba. Daga nan ka kunna Airplane mode na daƙiƙa goma ka kashe. In daidai ne, alamar 4G za ta ɓullo kafin ka ajiye wayar.

Proxy da Port kuwa ku bar su babu komai, don Allah. Akwai tsofaffin wayoyi da har yau suke ɗauke da 127.0.0.1 da 8080 tun zamanin da samari ke neman burauzin kyauta da dabara. Alamarsa ba ta ɓuya: wasu manhajoji kamar WhatsApp suna tafiya, amma burauza ta ƙi buɗe shafi ko ɗaya. Goge su kawai. In kuma ka ga wani saiti mai suna ims a jerin, ƙyale shi, na kira ne ta 4G, ba ruwansa da kai.

Masu na'urar wayfay, naku ya fi yawa, don ita ba ta mantuwa. Ka zare sim ɗin da ta zo da shi ka sa na wani kamfani, fitila ta nuna sabis, waya ta haɗu da ita, amma babu intanet, saboda tana nan riƙe da APN ɗin tsohon layin. Ka haɗa wayarka da ita, ka buɗe burauza ka rubuta adireshin da ke jikin takardar ƙarƙashin murfinta, a Huawei yawanci 192.168.8.1 ne, ka shiga Profile Management ka ƙirƙiri sabo, ka mai da shi na dindindin.

Na san za a ce ai mai gyara ma abinci yake nema. Ya nema mana, wa ya hana? Ya gyara APN ya karɓi ɗari biyar na iliminsa, babu mai cewa uffan. Amma ka goge wa dattijuwa hotunan suna da na biki, waɗanda wasu daga cikin mutanen ciki sun riga mu gidan gaskiya, don kawai ba ka iya buɗe shafi ɗaya a saiti ba? Filashin ɗin da ba ya ƙara wa waya sunan kamfani ko ɗaya? Wannan ba gyara ba ne. Kuma ku 'ya'ya da jikoki da kuke tura iyaye kasuwa su kaɗai da waya a hannu, kuna da naku kason.

Af, tunda ana maganar canza sim: ku daina yanka shi da reza don ya shiga ƙaramin gurbi. Sababbin sim duk da tsaginsu uku suke zuwa, ɓallewa kawai ake yi da yatsa. Kuma in ɗan ƙarfen buɗe tiren ya ɓata, ku duba ramin da kyau kafin ku zura allura, don a wayoyi da yawa ramin makirfo yana nan dab da shi, girmansu ɗaya.