Kafin ka gyara saƙon yaron shago, duba me ya alkawarta

Masu shagunan sola da kayan wuta a Birnin Kebbi da yawa yanzu sun bar wa yara lambar WhatsApp ta shago, yaro ya rubuta, oga ko manaja ya duba sannan a tura wa kwastoma. Tsarin ya yi, amma na lura yawancinmu abin da muke dubawa shi ne rubutu da gaisuwa, a gyara harafi a ƙara "ranka ya daɗe", shi kenan a danna. Ni kuwa a ganina wurin gyaran nan ne ake ɗaure kai, don sau da yawa saƙon da aka gyara ya fi na yaron haɗari.

Ga irin wanda nake nufi. Yaro ya rubuta: "Alh ba damuwa ina ga kayanka gobe zasu iso insha Allah, batir biyun zasu kaika har safe da firij da komai, kudin yana nan yadda mukayi." Sai manaja ya ga "ina ga" kamar rashin ƙwarewa ne ya cire, ya mayar da shi "Kayanku za su iso gobe." To yaron hasashe ya yi, kai kuma ka mayar da hasashen alkawari, da sunan shago. Motar da ta taso daga Legas sai ta bi Kontagora, Yawuri, Koko, Jega kafin ta shigo gari, taya na iya fashewa, direba na iya tsayawa sauke wani lodi, ba kai ke riƙe da sitiyari ba. Kafin ka taɓa layin nan ka tambayi yaron, wa ya ce maka gobe? In ya ce direba ne ya faɗa shekaranjiya, to a kira direban yanzu. Abin da ka tabbatar kawai za ka rubuta, da ranar da kai za ka sake yin magana, don wannan ce kaɗai ke hannunka.

Inda ya fi damuna shi ne "har safe da komai". Nan lissafi ake yi ba daɗin baki ba. Batir mai ruwa da aka rubuta 12V 200Ah a jikinsa yana riƙe wat 2,400 na awa ɗaya, guda biyu 4,800 ke nan, amma irin wannan batir in kana son ya yi ƙarko ba a shan fiye da rabinsa, saura 2,400. Yanzu ɗora kayan Alhaji, fanka biyu wat 140, talabijin 60, ƙwan wuta biyar 50, firiji a ce 100 tunda yana kunnawa yana kashewa, jimla 350. Raba 2,400 da 350 ka samu kusan awa 7, inbata ita ma ta ci nata, ka dawo wajen awa 6. In an kunna ƙarfe 7 na yamma, wajen ƙarfe 1 na dare an kai iyaka, ina safiya a nan? Balle a zafin Afrilu da firiji ba ya hutawa, kuma "komai" ɗin nan a kunnen kwastoma har da dutsen guga da famfon rijiya. Yaron ba ƙarya ya yi niyya ba, so yake ciniki ya faɗa, kuma kunya ba za ta bar shi ya ce wa babba a'a ba.

Maganar kuɗi kuwa gajera ce, kaya ne da ke bin dala, in ba a biya ba, a sa wa farashin ranar ƙarewa.

Da ni ne ga yadda zan tura: "Salam Alhaji, barka da yamma. Mun yi magana da direba yau, mota ta taso daga Legas, muna sa ran isowarta tsakanin Laraba da Juma'a in Allah ya yarda, kuma zan sanar da ku halin da ake ciki Laraba da safe. Batir biyun za su ɗauki fanka biyu, talabijin, ƙwai biyar da firiji na kimanin awa 6, ban da guga da famfo. In ana son ya kai asuba sai an ƙara batir biyu da fanel. Farashin da muka faɗa yana nan har Asabar."

Wani zai ce ai wannan zai kori kwastoma, na gaba da kai zai ce masa har safe ya karɓe cinikin. E, yana faruwa. Amma saƙon yana nan cikin wayarsa, ran da wuta ta ɗauke tsakar dare shi zai ɗauko ya nuna maka gaban mutane, kuma sashe na 84 na Dokar Shaida ta 2011 ya ba da damar a karɓi irin waɗannan saƙonni a kotu in an cika sharuɗɗa. WhatsApp minti 15 kawai yake ba ka na gyara saƙo bayan ka tura.

Kuma don Allah a daina karɓe waya a gyara a ɓoye. A zaunar da yaron a nuna masa layin da aka canza, a sa shi ya yi lissafin batirin da hannunsa a takarda, sannan a gaya masa ƙarara cewa ranar isowar kaya, ragi da garanti ba ya faɗarsu sai ya tambaya, ko da kwastoman kawunsa ne.