Kashi 25 na me?

'Yar yayata tana shirin jarrabawar JAMB, kuma abin da na gani a wurinta makon jiya shi ya sa na zauna rubuta wannan. Malamin lesin ɗinsu ya yi musu gwaji na lissafi, tambaya ashirin, ta ci goma sha uku. Da aka dawo da takardu sai ya rubuta amsoshin a allo, 1 B, 2 D, 3 A, har ƙarshe, yara suka kwafa, aka kira shi gyara. Ni a ganina wannan kwafe ne kawai, domin yaron da ya goge A ya rubuta B bai san abin da ya kai shi A tun farko ba, kuma gobe abin zai sake kai shi.

Ita dai ba ta yarda ba. Bayan sallar isha'i na tarar da ita a tsakar gida kan tabarma, ta jingina fitilar caji da bokiti, ta buɗe wani tsohon littafi ta kwafe tambayoyi bakwai da ta faɗi, kowace a shafinta. A ƙarƙashin kowace ta rubuta amsar da ta zaɓa, sannan ta bar fili.

Ta ce, "Kawu, na san B ce daidai. Abin da ban gane ba, me ya hana A zama daidai? Ai lissafi na yi na same ta."

Tambayar ita ce: ɗan kasuwa ya sayi kaya naira 8,000, ya sayar 10,000, ribar kashi nawa ya ci cikin ɗari? Zaɓin su ne 20, 25, 80 da 125. Ta fitar da ribar daidai, 2,000. Sai ta raba da 10,000, ta samu 20, ta duba ta gan ta zaune a A tana jiranta, hankalinta ya kwanta. Nan ne tarkon yake. Masu tsara irin waɗannan tambayoyi ba da ka suke cike sauran gurabe uku ba. Sukan bi hanyoyin da ɗalibai suka saba ɓata ne, su ɗauko abin da kowace hanya za ta haifar su ajiye. Na ce ta nemo mini inda 80 da 125 suka fito. Ta yi shiru tana 'yan rubuce-rubuce, can ta ɗago ta ce 80 ta wanda ya raba 8,000 da 10,000 ce, 125 kuma ta wanda ya juya su. Wato kowace amsa da mai ita.

Ban ba ta bayani ba, mahaifiyarta ce ta ba ta, ba tare da ta san ta yi ba. Yaya tana sayar da atamfa a gida, tana zaune gefe tana ninke kaya. Na ce, "Yaya, in kika saro turmi dubu takwas kika sayar dubu goma, ribarki a kan me kike auna ta?" Ko ɗagowa ba ta yi ba ta ce, "A kan uwar kuɗina mana. Dubu goman ai da ribar a ciki." Yarinyar ta raba 2,000 da 8,000, ta samu rubu'i, kashi 25. A filin da ta bari ta rubuta da hannunta: na auna riba da kuɗin sayarwa, alhali da uwar kuɗi ake aunawa.

Da a nan ta tsaya, da tambaya ɗaya ta gyara. Washegari da ta zo kan ta huɗu a jerin, sai ta ga wani abu. An ƙara wa kaya kashi 25, daga baya aka rage kashi 25, ina farashin ya tsaya? Ta zaɓi cewa ya koma inda yake, kuma na tabbata manya da yawa da ke karanta wannan haka za su zaɓa. Ta gwada da turmin mahaifiyarta. Dubu takwas ta hau zuwa dubu goma. Amma ragin rubu'in dubu goma ne, wato 2,500, sai farashi ya sauka 7,500, ƙasa da na farko da naira 500. Ƙarin a kan ƙaramin kuɗi aka yi shi, ragin kuma a kan babba.

Ta shida ma 'yar gidan ce. An yi rangwamen kashi 20, mai saye ya biya 10,000, nawa ne asalin farashin? Ta ɗauki kashi 20 na 10,000 ta ɗora, ta zaɓi 12,000. Wannan karon ita ta kama kanta: ta cire kashi 20 daga 12,000 ta ga 9,600 ya rage, bai kai abin da aka biya ba. Sai ta tambayi kanta, dubu goman nan kashi nawa ce ta asalin kuɗin? Tamanin. In tamanin ta ba da 10,000, goma za ta ba da 1,250, ɗari kuma 12,500.

Tambayoyi uku ke nan masu kaya daban-daban, a littafinsu ma ba a babi ɗaya suke ba, amma ciwo ɗaya ne: tana jin "kashi kaza" ba ta tambayar kashi kaza na me. Ta ja layi ta haɗa shafukan uku.

Akwai abin da za a iya faɗa a kan wannan hanya, kuma gaskiya ne. Tana cin lokaci. Dare uku ta yi a kan tambaya bakwai, ƙawayenta kuwa a wannan lokacin sun bi ta kan tarin tambayoyin shekarun baya. JAMB tambaya 180 ce cikin awa biyu, 60 na Turanci, 40 a kowane ɗaya daga sauran darussa uku, don haka mai nawa zai sha wuya ko da ya fahimta. Shi ya sa ba kowane kuskure ne ya cancanci dare guda ba. Cikin bakwai ɗin nan, biyu garaje ne kawai: a ɗaya ta manta alamar ragi, a ɗaya ba ta lura an ce a ba da amsa a mita ba. Waɗannan da ta sake yin su ba tare da kallon komai ba ta ci nan take, kuma haka ake gane su. Wanda ya fito daga rashin fahimta, in ka sake shi amsar jiya za ka kuma samowa, har ka iya kare ta da hujja.

Inda na ƙara mata nawa shi ne goma sha ukun da ta ci. Na ce ta sa alama a kan duk wadda canka ta yi. Ta yi dariya ta nuna biyu. Zaɓi huɗu ne, mai canka zai dace sau ɗaya cikin huɗu, kuma jan biron malami ba ya bambance sani da sa'a. Su ma suka shiga littafin.

Bayan mako guda na canza lambobin na gwada ta, ban gaya mata daga ina tambayar ta fito ba. Na ce albashi ya sauka da kashi 50, kashi nawa za a ƙara ya koma yadda yake? Ta buɗe baki za ta ce hamsin, sai ta kama kanta, ta ce, "Tsaya Kawu, hamsin na me?" Ta ce in dubu ɗari ce ta koma dubu hamsin, sai an ninka ta, kashi ɗari ke nan. Daga ɗaki Yaya ta ɗaga murya ta ce in an gama da turminta a zo a kwashe kwanuka.